Gabatar da baƙo a katafaren zaure: ina ake kai ido da hannu?

Zainabu: Assalamu alaikum. An ɗora mini gabatar da babban baƙo mai jawabi a zauren da ke cin mutum kusan 2,000, har da bene a sama da majigi biyu a gefe. Minti biyu aka ba ni. Na saba da aji na mutum arba'in, inda kowa ina ganin ƙwayar idonsa. Waɗanda suka taɓa yi, ina kuka kai idonku, kuma yaya kuka yi da hannuwa?

Bala: Wa alaikis salam. Abu mai sauƙi, ki kafa ido a bangon baya, sama da kawunan mutane. Haka nake yi, kuma ba na rawar murya.

Malam Isa: Bala, rabin maganarka gaskiya ce. Kai ka ɗago, na baya sun ga fuskarka, amma na sahun gaba suna gane cewa ta samansu kake kallo. Malama Zainabu, da an kunna fitilun dandamali da wuya ki ga abin da ya wuce layukan farko, sauran duhu ne. Ni raba zauren nake yi gida huɗu: dama, tsakiya, hagu, sai bene. Kowane gida in ba shi jimla guda cikakkiya, in kai aya, sannan in juya. Daga nesa, duk wanda ke kewayen wurin da kika kalla zai ɗauka shi kike kallo. Abin da ke ɓata shi gaggawa ce, a yi ta wurga kai dama da hagu kamar fanka. Kuma kada ki manta da 'yan bene, sai kin ɗaga haɓa da gangan kafin su san kin san da su.

Hajiya Rabi: Ni kuwa da aka gabatar da ni, tsaye aka bar ni a gefen dandamali ana ta jero digirina, na rasa inda zan sa hannuna. Ki roƙa a ba ki kujera, 'yata.

Zainabu: Hajiya, ni ce mai gabatarwar. Amma kin tuna mini, zan tambaya inda baƙon zai zauna.

Injiniya Sani: Tambayar ke nan da ta fi kowace. Ni a bayan na'urar sauti nake zama, kuma abin da na fi gani shi ne sunan baƙo yana ɓacewa. Wani mai gabatarwa ya yi komai daidai, da ya zo kan sunan sai ya juya ya dubi baƙon da ke hagunsa. Makirufon a kafe yake a teburin jawabi, daga gaba yake ɗaukar murya, bakin kuwa ya koma gefe. Jama'a suka ji “ku taya ni maraba da Farfesa”, sauran ya tafi a iska. Tafin ya zo a rarrabe, don ba su tabbata an gama ba. Ki faɗi sunan gaba ɗaya kina fuskantar jama'a, bakinki kamar taƙi guda daga makirufo. Ki rufe baki, sannan ki juya. In za ki fara tafi, ki ja baya taku ɗaya, don tafi a bakin makirufo yana fita a lasifika kamar ana buga ƙofa da ƙarfi.

Malam Isa: Haka ne. Wajen nuna baƙon kuma, ki yi da hannun da ke ɓangarensa, tafin hannu a buɗe, daga kafaɗa, sama da teburin. In kika ɗauko ɗaya hannun, ya gitta ƙirjinki, kin ba rabin zaure baya. Ki bar hannun a miƙe har baƙon ya tashi. Kada ki bar teburin babu kowa: ki jira ya iso, ku gaisa, ki fita ta bayansa.

Injiniya Sani: Malam, a nan muka ɗan rabu. In akwai majigi, na baya allo suke kallo, kuma mai kyamara yakan ɗauko daga ƙirji zuwa sama. Hannun da aka miƙe daga kafaɗa fita yake daga hoton. Mai yawan kai-komo ma wahalar da mai kyamara yake yi.

Malam Isa: A tsaya wuri ɗaya, na yarda, minti biyu ba na zagaye ba ne. Amma nunin sau ɗaya ne tak, ba zan ƙanƙance shi saboda kyamara ba. Mai kyamarar ya buɗe hotonsa.

Zainabu: To kyamarar fa, in kalle ta lokacin faɗin sunan?

Injiniya Sani: Ni da zan ce e, in tana tsakiyar zaure. In a gefe take, ki bar ta. Ki je da wuri ki ga inda aka kafa ta, ki kuma gaya wa mai ɗaukar ta wane gefe baƙon zai fito.