Kofunan bikin sun fito da farin baki, kalar ma ta canja

Maman Hanan, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na karɓi aikin kofuna 48 na rabon biki, zanen katun na amarya da ango a kan shunayya mai haske, da zanen lalle a gefe. A waya abin gwanin sha'awa. Da na buga shida na farko sai shunayyar ta koma shuɗi-shuɗi a dushe, sunan amarya ya yi hazo, ga wani siririn fari a bakin kofin. Firintar Epson nake amfani da ita, tawadar sablimeshan, wadda ake bugawa a takarda zafi ya mayar da ita jikin kofi. Saura kwana tara biki, duk wanda ya taɓa gamuwa da haka don Allah ya taimaka.

Abba Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kalar ce ba ki juya ba. Duk abin da za a buga sai an mayar da shi CMYK, haka muke yi wa katin gayyata. Hazon kuma ki shiga Image Size a Photoshop ki rubuta 300, shi ke nan.

Malam Nasiru: Abba, a katin da za a kai babban inji maganarka haka take, amma ƙaramar Epson RGB take karɓa, ita ke raba wa tawada da kanta. In ka ba ta CMYK sai an sake juyawa, a nan shunayya mai haske ke mutuwa. Hajiya, ki bar zanen a sRGB. Ki nemi fayil ɗin ICC, wato mai daidaita kala, wajen wanda ya sayar miki da tawada, don tawada da takarda ake yi wa shi. A Photoshop ki zaɓi Photoshop Manages Colors ki ɗora shi, sannan a saitin firinta ki zaɓi No Color Adjustment. Na yi wata biyu ina bari su biyun suna gyara kala tare, fuskokin mutane na fitowa jajur, ina ta zargin tawada. Hoton kuma ta wace hanya ya iso miki?

Maman Hanan: Ƙanwar amarya ce ta ɗauko shi daga sitatus ta turo min. Na duba yanzu, faɗinsa fiksel 1080.

Malam Nasiru: To ga hazon nan. Zanen da ke zagaye kofin 11oz kamar santimita 20 ne. Fiksel 1080 a kan wannan faɗi dpi 137 ke nan, wato fiksel 137 a kowane inci, alhali don 300 ana son fiksel 2362. Rubuta 300 ba ya ƙaro abin da babu, hazon yana nan yadda yake. A koma wa mai zanen ya turo asalin PNG ta Document, ba ta hoto ba. Sunan kuma ki sake rubuta shi da kanki a kai.

Rabi'atu Maraɗi: Ni ma kala ce ta ba ni wuya. Riguna 20 na buga wa 'yan Islamiyya, wanki ɗaya komai ya koɗe. Shin wannan ICC ɗin zai hana?

Malam Nasiru: Malama, taki daban ce. Ina zaton rigunan auduga ne, tawadar nan kuwa foliyesta take kamawa.

Rabi'atu Maraɗi: Auduga ce kam, ita iyaye suka ce saboda zafi.

Anti Ladi, Kaduna: Bari in taɓa farin bakin. Tsayin kofin wajen santimita 9.5 ne. In zanenki daidai 9.5 ne, takarda ta ɗan goce ko da milimita ɗaya sai fari ya leƙo. Ana ƙara bilid, wato kalar bayan ta wuce baki da milimita 3 sama da ƙasa, ya zama 10.1, rubutu kuma ya ja da baya daga gefe. Amma gaskiya ni na daina cika kofi har baki. Injina ba ya matse saman sosai, ko da bilid gefen yakan fito a koɗe. Yanzu da gangan nake barin fari kamar rabin santimita sama da ƙasa, kuma ba wanda ya taɓa dawo min da kaya.

Malam Nasiru: Anti, nawa yana cikawa in na ɗaure takardar da salatif mai jure zafi na ƙara matsi. Kowa da injinsa dai.

Anti Ladi: Ka gwada a kofi 48 a jere da janareto, Malam. Hajiya, kada ki yanke hukunci da kalar takarda, kullum a dushe take fitowa sai zafi ya taɓa ta. Ki dubi baƙin cikin zanen a jikin kofi: in ya yi ruwan ƙasa kin ƙona, in ya yi kore-kore bai nuna ba.

Maman Hanan: Allah ya saka da alheri. Asalin zanen ya iso, fiksel 3000, sunan ya fito tas. Mai tawada ya ce bai san wani ICC ba, don haka na kwana ina buga shunayya kala takwas a jikin kofi ɗaya, na kai wa uwar amarya ta zaɓi ta biyar. Bakin nan har yanzu yana koɗewa ta wajen mariƙi. Anti Ladi, farin naki daga ina kike fara aunawa?