Wane ruwa zan saya na wanke kontak lens, kuma na famfo fa?

Ƙanwar Zaure: Salamu alaikum. Ina sa lens mai laushi, irin wanda ake sauyawa duk wata. Ruwan wankina ya kusa ƙarewa, kuma kwanan nan da yamma idona yana ɗan zafi yana bushewa. Na ga iri uku: mai haɗa komai wato wanki, ɗauraya da kashe ƙwayoyin cuta, mai sinadarin farokzaid, da ruwan gishiri da suke kira salin. Wanne za ku ce in ɗauka? Sannan mazubin lens ɗin da ruwan famfo nake ɗaurayewa, ban taɓa saka lens ɗin kansa a ciki ba. Akwai laifi?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Salin ya fi sauƙi ga ido, ba ya yaji. Na famfo kuwa in kin tafasa shi ya huce, ai ƙwayoyin cuta sun mutu.

Malam Mai Gwajin Ido: Baban Yara, gaskiyarka salin ba ya yaji, amma dalilin ke nan: ba ya kashe komai. Aikinsa ɗauraya kawai. Lens da ya kwana a cikinsa, da ƙwayoyin da ya shiga da su zai fito, wataƙila ma sun ƙaru. Saboda haka ƙanwata, zaɓinki tsakanin biyu ne.

Maganar famfo ita ta fi damuna. Akwai wata halitta, Akantamiba, da ke zaune a ruwan famfo, tankin ajiya, rijiya da wurin iyo. In ta matsu sai ta lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri, kuma sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan sha ba ya kashe ta a wannan hali. Shan ruwan ba ya cutar da ke. Amma lens yana barin 'yan ƙananan ƙuje a fatar da ke gaban baƙin ido, sannan ya riƙe halittar a manne da wurin na sa'o'i. Ta nan take shiga. Mazubin da aka ɗauraye da famfo aka rufe shi da danshi, shi ne gidanta: ƙwayoyin bakteriya suna yin wani santsi a jikin robar, ita kuma su ne abincinta. Lens ɗinki bai taɓa famfo ba, amma a wannan mazubin yake kwana. Ki jefar da shi yau.

Baban Yara: To tafasasshen fa, Malam? Da na roba da aka tace?

Malam Mai Gwajin Ido: Na roba an tsabtace shi don sha ne, ba a kashe komai da komai a ciki ba. Tafasasshe kuwa, ko zafi ya kashe abin da ke ciki, daga tukunya zuwa kofi zuwa mazubi ya sake kwasa, kuma babu maganin da zai ci gaba da aiki cikin dare. Ga matsala ta biyu: hawaye yana da gishiri kusan kashi 0.9 cikin ɗari, ruwa zalla ba shi da shi. Lens mai laushi zai tsotse shi ya kumbura, siffarsa ta canza, ya manne wa ido, wajen ɓamɓaro shi a ƙuje ido. Masu haɗa ruwan gishiri a gida ma su sani, a shekarun 1980 da cutar nan ta fara yawaita tsakanin masu sa lens, irin wannan haɗin na cikin manyan abubuwan da aka gano sun jawo ta.

Autan Zaure: Ni dai in idona ya yi ja, maganin ɗigawa nake sawa a kan lens ɗin, nan da nan ya washe. Ki nemi irinsa.

Anti Nas: Auta, ba maganin ɗigawa take tambaya ba, kuma kai ma ka bari. Mai gusar da ja ɓoye alama yake yi, in kuma akwai sitiroid, wato maganin rage kumburi, a ciki, ciwon Akantamiba ƙaruwa yake. Ga yadda za a gane: zafi mai tsanani da ya fi ƙarfin abin da ake gani a idon, ƙin haske, hawaye, gani dishi-dishi, jin kamar tsakuwa ko bayan an cire lens. A farko sau da yawa ana ɗauka wani ciwon ne daban, shi ya sa dole a faɗa wa likita cewa ana sa lens kuma ruwa ya taɓa shi. A je ranar, a tafi da lens da mazubin. Maganinsa ɗigawa ne duk awa, dare da rana a kwanakin farko, sannan watanni ana yi, wasu sai an yi musu dashen fatar idon.

Ƙanwa, ke zafin yamma da kika ce, in yana lafawa da kin cire lens, zai iya zama idonki ne bai jitu da sinadarin da ke cikin mai haɗa komai ba, in shi kike amfani da shi. Lens yana tsotsarsa cikin dare ya sake shi a ido da rana. Ni farokzaid zan ce ki gwada, bayan an duba idon.

Ƙanwar Zaure: Anti, na ji an ce yana ƙona ido.

Anti Nas: Yana ƙonawa in an yi kuskure. Ƙarfinsa kashi 3 cikin ɗari ne, yana zuwa da nasa mazubin mai kwando biyu da wani ɗan faifai mai rufin filatinam. Ki saka kowane lens a kwandonsa, ki ɗauraye, ki cika zuwa layi, ki rufe, ki ajiye a tsaye. Za ki ga kumfa na tashi, faifan ne yake mayar da shi ruwan gishiri. Awa 6 yake buƙata, ba a rage ko kaɗan. Kada ki zuba shi a mazubi shimfiɗaɗɗe, kada ki ɗauraye lens da shi ki sa a ido. Jan bakin kwalbar gargaɗin ke nan. Faifan yana gajiya, don haka sabuwar kwalba, sabon mazubi. In kumfa ta daina tashi, kada ki sa lens ɗin.

Malam Mai Gwajin Ido: Ban ƙi ba, farokzaid ya fi ƙarfi a kan mai ɓawon nan, amma ba kowa zan ba shi ba. Mai cire lens na awa biyu ya mayar, ko mai gaggawar safiya, zai ji ciwo. Kuma da zarar ya zama ruwan gishiri babu sauran kariya, bai dace da doguwar ajiya ba. Wani lokaci sauya mai haɗa komai zuwa wani mai sinadari daban ya isa. Abin da ya fi sunan kwalba shi ne hannu: a wanke da sabulu, a busar da shi sarai don ragowar ruwan famfo ne a yatsu, a murza lens a tafin hannu kamar daƙiƙa 20 ko da kwalbar ta ce ba sai an murza ba, a ɗauraye, a jiƙa a sabon ruwa iya awannin da aka rubuta. Kada a ƙara sabo a kan na jiya, wannan yana raunana maganin. Da safe a zubar, a ɗauraye mazubi da ruwan kwalbar, a goge da takarda mai tsabta, a kife shi a buɗe nesa da bakin famfo. A sauya shi kafin ya wuce wata 3. A cire lens kafin wanka ko iyo.

Anti Nas: Malam, a 2007 fa an janye wani mai haɗa komai daga kasuwa saboda wannan cutar. Shi ya sa na fi natsuwa da farokzaid.

Malam Mai Gwajin Ido: Haka aka yi, Anti, amma mai ruwan farokzaid da ke wanka da lens a ido bai tsira ba.

Ƙanwar Zaure: Na gode. In dare ya yi mini babu ko ɗaya a hannu fa?

Anti Nas: Ki cire ki jefar, ki sa tabarau. Lens ɗin da kike sawa yanzu ma ya kwana a tsohon mazubi, kada ya shiga sabo.