Sanduna, da'ira ko layi: wanne zan nuna wa kwamiti ranar Alhamis?

Sakatariya: Assalamu alaikum. Don Allah masu aikin lissafi ku taimaka mini. Ranar Alhamis zan tsaya gaban kwamitin amintattu na ƙungiyarmu in yi bayanin yadda muka kashe kuɗi daga 2020 zuwa 2024, kuma minti goma kawai aka ba ni. Akantanmu yana hutu, shi ya sa abin ya faɗo kaina. A 2020 mun kashe miliyan 40: albashi 20, wuta da mai 6, gyare-gyare 5, kayan aiki 5, tafiye-tafiye 4. A 2024 ya kai miliyan 64: albashi 29, wuta da mai 16, gyare-gyare 7, kayan aiki 7, tafiye-tafiye 5. Ina da na shekarun tsakiya ma. Shugabanmu ya ce in yi zanen da'ira, ɗaya ga kowace shekara, wai shi mutane suka fi ganewa. Na yi biyar ɗin a Excel, na jera su, amma ni kaina da na zana ban ga inda kuɗin ya tafi ba. In bi maganarsa, ko in koma sanduna ko layi?

Ɗan Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Anti, matsalarki launi ce. Ki sa bango fari, rubutu baƙi, ki guji ja da kore a wuri ɗaya saboda akwai masu wahalar bambance su. Kuma ki je da kwafi a filashi, majigi ba shi da amana.

Malam Habu: Shawarar filashi ta yi, amma ba launi ne ya hana ta gani ba. Ƙanwata, ki duba lambobinki da kyau. Albashi a 2020 rabin kuɗin ne cif, 20 cikin 40. A 2024 kuwa 29 cikin 64 ne, wato kusan kashi 45 cikin 100. To a da'irar 2024 yankin albashi zai fito ya tsuke, duk wanda ya kalla zai ce kun rage albashi, alhali miliyan 9 kuka ƙara. Da'ira rabo take nunawa, ba ta nuna jimlar ta tashi ko ta sauka, domin ko 40 ce ko 64 girman faifan ɗaya ne. Ke kuma tafiyar shekara biyar aka ce ki nuna. Turo mana na wuta da mai shekara bayan shekara.

Sakatariya: 6, 7, 9, 13, 16. Albashi kuma 20, 22, 24, 26, 29.

Malam Habu: Yauwa, ga labarinki nan. Albashi yana hawa a hankali, wuta da mai kuwa ya kusa ninkawa sau uku, kuma cikin miliyan 24 da suka ƙaru shi kaɗai ya ci 10. Ki zaɓi Line with Markers, shekaru a ƙasa, kuɗi a gefe. Layin wuta da mai ki ba shi launi mai ƙarfi da kauri, sauran huɗun ki bar su ruwan toka. Ki rubuta sunan kowane layi a ƙarshensa, ki goge Legend, wato akwatin da ke faɗin wane launi ne na wane layi, don kada ido ya dinga kai da kawowa. Taken kuma kada ki rubuta "Kashe kuɗi 2020 zuwa 2024". Rubuta abin da kike so su tafi da shi gida: "Wuta da mai ya tashi daga miliyan 6 zuwa 16 cikin shekara huɗu."

Hajiya Mai Odit: Malam Habu, ban yarda da layi a nan ba. Layi na abin da ke gudana ne, kamar wata-wata. Ɗigo biyar kacal take da su, kowace shekara kuma an rufe littafinta. Tsakanin 2022 da 2023 babu wani kuɗi da aka kashe da layin zai bi ta kansa. Sanduna ne daidai, Stacked Column, sanda ɗaya ga kowace shekara, a ga jimla ta tashi daga 40 zuwa 64, a kuma ga abin da ke cikinta. Shekara goma sha biyu ina zama a irin wannan taron, tambayar farko kullum ita ce nawa aka kashe gaba ɗaya. Layinka biyar ba su amsa wannan ba.

Malam Habu: Gaskiyarki a kan jimla, Hajiya. Amma a sandar da aka ɗora kashi-kashi, na ƙasa ne kaɗai yake zaune a kan sifili. Na sama duk suna shawagi, kowanne ya fara daga inda na ƙarƙashinsa ya tsaya, ido ba ya iya gwada su. In za ta bi taki, to ta sa wuta da mai a can ƙasa, ba albashi ba.

Baban Ikram: Ku dai bar ni da sanduna. Sanduna ne suka sa na yi wata uku ina amsa tambayar da ban san tushenta ba. Lokacin ina riƙe da sashen gyare-gyare a inda nake aiki. Kuɗinmu ya tashi daga miliyan 46 zuwa 50, ƙarin da bai kai kashi 9 cikin 100 ba. Yaron da ya haɗa bayanin ya zuba lambobin biyu a Excel, ya danna, zane ya fito, bai duba gefe ba. Ashe ma'aunin daga 44 ya fara. Sandar bara tsawon 2, ta bana tsawon 6. Ina zaune a layi na biyu, aka haska abin a bango, sai na ga sandata ta miƙe kamar dogon yaro kusa da kututture. Wani dattijo a kwamitin ya cire tabarau ya ce, "Wato kun ninka sau uku?" Na ce a'a ranka ya daɗe, ga lambobin nan a rubuce. Ya ce shi abin da idonsa ya gani yake faɗa. Daga nan aka kafa ƙaramin kwamiti, aka dakatar da sayen kayan gyara har sai sun gama, aka bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Ba su sami komai ba, amma babu wanda ya dawo taro ya ce an yi kuskure. Har na bar wurin ana ce mini mai sanda.

Ɗan Kwamfuta: Mai sanda, Allah ya huci zuciyarka. 😂

Baban Ikram: Kai ma ka fara ko? Abin da ya fi ba ni haushi, yaron da ya yi zanen an ƙara masa girma a shekarar.

Malam Habu: Abin da ya same ka ba laifin sanduna ba ne, Yaya. Idan lambobi sun kusanci juna, Excel yakan ɗaga farkon ma'aunin da kansa. Sanda kuwa da tsawonta take magana, dole ta fara daga sifili. A danna ma'aunin gefe, a shiga Format Axis, a sa Minimum ya zama 0. Layi yana iya jure a yanke masa ƙasa tunda gangararsa ake kallo, amma ko shi ɗin a rubuta a fili daga ina aka fara.

Ummi: Ni fa ina bayan shugabanku. Da'ira ba ta da laifi in yankunan ba su wuce bakwai ba, haka aka koya mana.

Hajiya Mai Odit: Biyar ne, ba bakwai ba.

Ɗan Kwamfuta: Ni uku na ji.

Malam Habu: Babu wata doka a kan adadin. Abin dubawa shi ne ko ido zai iya raba su. A lambobinta na 2020 akwai 6, 5, 5 da 4. Ummi, zana su a da'ira ba tare da rubuta lamba ba, ki gaya mini wanne ya fi. A sanduna kuwa nan take za ki gani. Masu bincike biyu, Cleveland da McGill, sun gwada wannan a 1984, suka ga mutane sun fi ƙiyasta daidai idan abubuwa sun tashi daga tushe ɗaya, fiye da idan kusurwa ake gwadawa. Shi kansa William Playfair da ya fito da da'irar a 1801, da ya tashi nuna tafiyar kasuwancin Ingila shekara bayan shekara a littafinsa na 1786, layi ya ja.

Ummi: Malam, su Cleveland ba su taɓa zama a taronmu ba. Mutanen da nake yi wa bayani rabinsu ba sa karanta ma'auni. In na nuna faifai na ce ga rabin kuɗinku a albashi, kowa ya gyaɗa kai. In na nuna layi biyar sai a fara duba waya. Wanda ya tsaya gaban mutane shi ya san abin da ke shiga.

Hajiya Mai Odit: To ai mu ma gaban mutanen muke tsayawa, ƙanwata. Gyaɗa kai ba shi ne ganewa ba. Amma na ba ki abu ɗaya: da'ira guda, ta 2024 kaɗai, mai cewa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin yanzu wuta da mai ne, wannan ba ta da aibu, 16 cikin 64 ne daidai. Biyar a jere ne ba za su yi ba. Kuma don Allah ban da mai tudu ɗin nan, 3-D Pie, yankin da ke gaba kullum sai ya fi girmansa na gaskiya.

Tsohon Ma'aji: Duk kun manta da tsadar kaya. Miliyan 64 na 2024 ba ɗaya yake da 64 na 2020 ba. A ce misali farashi ya tashi da rabi a tsakanin, sai ki raba 64 da 1.5, ki samu kusan 43. Kin ga kusan wuri ɗaya kuke tsaye, amma layinki zai nuna kamar kuna hawa dutse. Ko sanda ko layi, wani zai tambaye ki: man kuka ƙara sha, ko kuɗinsa ne ya tashi? Ki nemo yawan litar da aka saya kowace shekara ki riƙe a hannu.

Sakatariya: Na gode Baba, wannan bai zo mini a rai ba. Na je neman litar sai na tarar da wata matsala. A 2020 da 2021 man motoci yana cikin tafiye-tafiye, daga 2022 aka mayar da shi wuta da mai. Ke nan wani ɓangare na hawan ba hawa ba ne?

Tsohon Ma'aji: Ƙwarai. Sauya gida ya yi. Ko ki mayar da shi wuri ɗaya a duk shekarun, ko ki sa alama a 2022 ki rubuta abin da ya faru a ƙasan zanen.

Hajiya Mai Odit: Wannan ita ce cutar da ta fi damuna. Kowane sabon akanta ya zo sai ya sake wa layukan kasafi suna, ba ya barin takardar da ta ce wannan shi ne wancan. Bara na karɓi littafin wata ƙungiya, "sauransu" ne ya zo na biyu a girma bayan albashi. Na tambayi me ke ciki, aka ce sai wanda ya tafi ya dawo.

Baban Ikram: A wurinmu sashe uku ne ke turo lambobinsu daren taro, ɗaya a dubu, ɗaya a miliyan, ɗaya hoton takarda da aka ɗauka a karkace. Sannan a ce zane bai yi kyau ba.

Ummi: Namu har gyara suke turowa ana cikin taron.

Sakatariya: Na kira akantan bai ɗauka ba. Na nuna wa shugaba na layin da na sandunan, ya ce sun yi kyau, amma in ƙara da'irorin biyar a shafin farko. Man motocin 2020 da 2021 kuma har yanzu ban gano nawa ba ne, rasitan suna cikin kabad ɗin da makullinsa ke hannun mai hutun.

Ɗan Kwamfuta: Anti, kabad ɗin na ƙarfe ne ko na katako?