An ce in buɗe taro da addu'a, kuma mahalarta ba addininsu ɗaya ba

Tambaya daga Sakatariya:
Jama'a, a ba ni shawara. Ƙungiyarmu ta ma'aikata za ta yi taron shekara, kuma an ba ni minti biyu in buɗe da addu'a. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai kuma baƙi da ba sa bin ko ɗaya. Me zan ce wanda ba zai sa kowa ya ji an ware shi ba?

Malam Bala:
Hajiya, a raba kawai. Musulmi ya buɗe, Kirista ya rufe, kowa ya samu nasa.

Rifkatu:
Malam Bala, hakan yana yi idan ɓangarori biyu ne kawai a ɗakin, amma ta ce akwai na uku. Sannan ni na taɓa zama mai addu'ar rufewa. Kafin a kira ni rabin kujeru sun zama wayam, manyan baƙi sun tafi, masu sauti suna naɗe waya. Raina bai ji daɗi ba. Idan za a yi biyun, a yi su a jere tun farko, a ba su lokaci daidai.

Malama Asabe:
Ƙanwata, na daɗe ina gabatar da taruka, ga abin da nake yi. Fara tambayar shugaban taron ko dole ne a rubuta “addu'a” a jadawali. In ya yarda, a sa “buɗe taro”. Wannan ya ba ki damar haɗa gaisuwa, fatan alheri da ɗan shiru. Ba sabon abu ba ne: Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana buɗe zamansa na shekara da shiru na minti ɗaya, domin addu'a ko tunani, kuma haka yake a doka ta 62 ta ƙa'idojin zamansa.

Ga misalin abin da za ki iya faɗa:

“Shugaba, manyan baƙi, abokan aiki, barkanmu da zuwa. Mun taru daga wurare daban-daban, kowa da abin da ya yi imani da shi, amma aiki ɗaya ya kawo mu. Muna fatan a yi mana jagora zuwa ga gaskiya, mu saurari juna da haƙuri, mu yanke abin da zai amfani waɗanda muke wakilta. Muna tunawa da abokan aikinmu da suka rasu a bana da marasa lafiya. Yanzu ina gayyatar kowa ya yi shiru na rabin minti, mai addu'a ya yi a zuciyarsa yadda addininsa ya koya masa, wanda ba ya yi ya yi tunani.”

Sai ki yi shiru da gaske, ki dubi agogo. Wanda ke tsaye gaban jama'a yana jin daƙiƙa goma kamar an shekara, shi ya sa da yawa suke katsewa mutane ba su kai ko tsakiyar addu'arsu ba. Idan talatin ta cika ki ce “na gode”, ki miƙa wa shugaba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙarshe. Mutum zai yi magana tsaf, sai bakinsa ya rufe da abin da ya saba, salati ko “cikin sunan Yesu”, sai ki ji amin ta tashi daga gefe guda kawai. Shi ya sa nake cewa ki rubuta har jimlar ƙarshe, ki karanta daga takarda. Kuma kada ki ce a rufe ido ko a ɗaga hannu, domin umarni ne ga jikin mutum a kan ibadar da ƙila ba tasa ba.

Abu Sadik:
Ga addu'ar tashi daga majalisa nan, ki haddace ta, tana da falala sosai.

Rifkatu:
Abu Sadik, buɗewa ta tambaya, kuma ba Musulmi kaɗai ne a wurin ba.

Malam Bala:
Malama Asabe, ina girmama ki, amma ni a wurina abin da ba a ambaci sunan Allah a cikinsa ba, ba addu'a ba ne. Fatan alheri ne. Na fi son Kirista ya yi tasa cikakkiya in saurara cikin ladabi, a kan a ba mu abin da ba na kowa ba.

Malama Asabe:
Gaskiyarka, fatan alheri ne, shi ya sa na ce a canza sunansa a jadawali. Addu'ar tana cikin shirun, a nan kowa zai kira Ubangijinsa da sunan da ya sani. Amma in shugabannin sun nace sai an yi ta a bayyane, to ta fara da cewa “zan yi addu'a bisa addinina, kowa ya yi bisa nasa”.

Sakatariya:
Na gode muku. Shugaban ya yarda a canza jadawalin, sai dai mataimakinsa yana tare da ra'ayin Malam Bala. Gobe kwamiti zai zauna a kai.