Jini ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori ga mai shan wafarin

Assalamu alaikum manyanmu likitocin haƙori. Ina aiki a wani asibiti a cikin birnin Kano, kuma wani majinyaci ya ɗaure min kai.

Dattijo ne mai bawul ɗin ƙarfe a zuciya, yana shan maganin tsinka jini, wafarin. Ranar Litinin na cire masa turmin haƙori ɗaya na ƙasa. INR ɗinsa da safen 2.8 ne, ƙasa da 4, don haka ban sa ya dakatar da maganin ba. Na cusa soson tsayar da jini a ramin, na ɗinke, ya ciji auduga minti 30, jini ya tsaya cak.

Yau Alhamis ya dawo, jini na tsattsafowa daga gefen ɗinkin, ga wani gudan jini mai laushi ya tasa a kan dasashi. Ashe da zafi ya dame shi, ya sayi metronidazol da diklofenak a kemis maimakon farasitamol ɗin da na rubuta. Na farkon yana ƙara wa wafarin ƙarfi, na biyun yana hana jini daskarewa da wuri. INR yanzu 4.6.

Na hana shi duka biyun, na share gudan, ya ciji auduga da na jiƙa da taranekzamik asid. Jinin yakan lafa, amma bayan awa guda ya dawo. Ba ya jiri, awon jininsa 130/80. Ina tsoron taɓa wafarin ɗin saboda bawul.

A INR 4.6, in kwance ɗinkin in sake cusa ramin yau, ko in ci gaba da dannawa har likitan zuciyarsa ya sauko da INR ɗin? Na gode.