Banki zai yi gwanjon gidana a Kubwa, me zan tsira da shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na jinginar da gidana na Kubwa a banki a 2021, saura naira miliyan 17 a kaina. Kasuwa ta juya mini baya, wata biyar ban biya ba. Sati uku da suka wuce suka aiko takarda cewa in biya duka ko su sayar. Dillalai sun ce gidan zai kai miliyan 45 zuwa 48. Shin duka za su cinye? Ko barci ba na iyawa.

Baban Ikram: Wa'alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Ka garzaya kotu ka samo odar hana sayarwa. Shari'ar ƙasar nan shekaru take ɗauka, kafin a gama ka farfaɗo.

Lauya daga Garki: Malam, ka kwantar da hankalinka. Bashinsu kawai suke bin ka, ba gidan ba. Idan banki ya sayar da gidan jingina, zai cire kuɗin da ya kashe wajen sayarwar, ya cire bashinsa da ruwan da ya taru, abin da ya rage naka ne, amana ce a hannunsa. Haɗarin yana wurin farashin da za su sayar, domin su da zarar an taya abin da ya rufe bashinsu, hankalinsu ya kwanta.

Yau ɗin nan ka ɗauko takardun da ka sa wa hannu ka ga wace irin jingina ce. In takardar mallaka kawai ka ajiye musu, ba a yi cikakkiyar yarjejeniya mai hatimi ba, galibi sai sun bi ta kotu kafin su sayar. In kuwa cikakkiya ce, da amincewar Ministan Abuja, aka yi mata rajista a AGIS, ofishin rajistar filayen Abuja, to suna iya sayarwa ba tare da alƙali ya ji ba. A Abuja har yanzu da tsohuwar dokar Ingila ta 1881 ake aiki a wannan fanni. Ta ce ba za a sayar ba sai ɗayan uku ya faru: an ba ka takardar neman biya wata uku sun wuce ba ka biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko ka karya wani sharaɗi na yarjejeniyar. Ka lura, ɗaya ya wadatar. Kai da ka yi wata biyar, na biyun ya riga ya hau kanka, kada ka zauna kana ƙirga wata uku. Kuma bankuna da yawa suna soke wa'adin nan a cikin yarjejeniyarsu, su rubuta nasu gajere.

Baban Ikram, shawararka tana da ƙaya. A ƙa'ida kotu ba ta tsayar da sayarwa sai mai gida ya ajiye mata kuɗin da bankin ke nema, sai dai in lissafin ya fito fili cewa ya wuce gona da iri, ko kuma lokacin da bankin ke da ikon sayarwa bai yi ba tukuna. Duk watan da aka ɓata kuma ruwa yana hawa, daga rabon Malam ake yankarsa.

Baban Ikram: To Barista, na ji an ce in babu sa hannun gwamna jinginar ta ɓaci gaba ɗaya.

Lauya daga Garki: Shari'ar Bankin Savannah da Ajilo kake nufi, ta 1989. Gaskiya ne Kotun Ƙoli ta rushe waccan jinginar saboda Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Amma daga baya kotuna sun sha ƙin sauraron mai gidan da shi ne ya kamata ya nemo amincewar, ya ci kuɗin, sannan ya dawo yana fakewa da rashinta. Ko an rushe ma, bashin yana nan daram.

Tsohon ma'aikacin banki: Na yi shekaru a sashen karɓo bashi, bari in sa maka lissafi a gaba. A gwanjo masu saye sun san dole ce ta sa, kuma suna tsoron rigimar fitar da mai gida, don haka tayi yakan zo ƙasa. A ce an buga ƙararrawa a miliyan 30. A cire kamar miliyan 3 na ɗan gwanjo, lauyan banki da ruwan da ya ƙaru, a cire 17, ka tashi da 10. Yanzu a ce kai ka nemo mai saye da kanka, ka sassauta ka sallama a 44 don ya tafi da wuri. La'adar dillali kashi 5 cikin ɗari miliyan 2.2 ke nan, bashi da ruwan wata biyu ko uku a ce 17.8. Hannunka zai riƙe 24. Tazarar miliyan 14 ce tsakanin ka sayar da a sayar maka.

Yadda ake yi: ka rubuta musu takarda, ba waya ba, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka nemi jimillar abin da za ka biya ka fanshi gidan zuwa wata rana takamaimai, ka nemi kwana 90 ka sayar da kanka, ka haɗa da rahoton mai kimanta gidaje mai rajista. Idan mai saye ya samu, ya zuba kason banki kai tsaye a asusun bashin, bankin ya ba da takardar sakin jingina da takardar mallaka, saura a ba ka. Mu kanmu mun fi son haka, gwanjo wahala ne. Kuma ka roƙi a yafe tarar jinkiri, sau da yawa ana ragewa ga wanda ya zo da kuɗi a dunƙule.

Maman Sadiq: Ni abin da ya same mu ke nan a Kaduna. Maigidana ya daina ɗaga wayarsu don kunya, takardu suna zuwa yana tura su ƙarƙashin katifa. Ranar da muka ga baƙi suna leƙa ɗakunan yara da tef ɗin awo a hannu, ashe an riga an gama ciniki. Rarar da aka ba mu ko fili ba ta saya ba. Lauyanmu ya ce arha kaɗai ba ta rushe ciniki, sai an nuna ha'inci ko haɗin baki. Don Allah ɗan'uwa ka je ka zauna da su.

Lauya daga Garki: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Abin da aka gaya muku haka yake. Damar fansa tana nan har ranar da banki ya ƙulla ciniki da mai saye, daga nan ta tafi, sai dai neman diyya in an yi ba daidai ba. Akwai kuma wata hanya dabam da ba a cika bi ba: banki ya roƙi kotu ta rufe ƙofar fansa. Kotu takan ba da wata shida, in ba a biya ba gidan ya zama na banki ɗungurungum, babu rara. In sammaci irin wannan ya iso ka, kada ka ƙi zuwa, lauyanka ya roƙi a sayar a maimakon haka.

Sannan ka karɓi cikakken bayanin asusun tun daga 2021, akanta ya bi shi layi-layi. In an yi maka cajin da ya wuce ƙa'ida, ka kai ƙorafi bankin a rubuce, in ba su warware ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Ɗan Zuba: Ni dai ban ga dalilin sayarwa ba. Ka koma ƙaramin haya, ka ba da naka haya shekara biyu, ka biya bashin baya da kuɗin.

Tsohon ma'aikacin banki: Sai da izininsu a rubuce, yawancin yarjejeniyoyi sun hana sa ɗan haya haka kawai. Kuma yanzu duka 17 suke nema, sai in sun yarda su sake tsara biyan. Malam, nawa kake iya biya a wata, tsakaninka da Allah?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, cikakkiya ce, wa'adin da suka rubuta kwana 30 ne. Biyan wata dubu 420 ne, abin da nake iyawa yanzu bai wuce 200 ba. Uwargida ba ta son a sayar, daren nan za mu zauna. Takardar dai gobe da safe zan kai.