Bikin cikar jariri shekara ɗaya: abin da iyaye suka ce

Yawancin iyayen da suka tattauna batun sun ce a taƙaita baƙi ga makusanta, kuma taron kada ya wuce awa biyu, bayan yaro ya tashi daga barci. Hayaniya tana saurin gajiyar da shi. Idan ya fara murza ido yana maƙalewa uwarsa, a sallami mutane.

Kan batun abinci iyayen suka fi daɗewa, kuma ina ganin nan ne hatsarin yake. Gyaɗa, alewa mai tauri da inabi guda duk suna iya shaƙe yaro. A tsaga inabin gida huɗu ta tsawonsa, ya ci a zaune, babba na kallonsa. Kada a gwada masa sabon abinci ranar, a kuma tambayi iyayen baƙi abin da jikin 'ya'yansu ba ya karɓa.

Idan balan-balan ta fashe, a tsince ɓurɓushinta nan take.